Zaren da na auna hanyar garin Yaya da shi

Ɗiyata ce ke rubuta wanga, ni ina faɗa. Na ce mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mani magana, don ban shiga lakwal na yi boko ba amma ban taɓa rasa abin cewa ba.

Damina ce, gero ya kai gwiwa, ranar da anka kira daga ƙauye da hantsi anka ce Yaya ta cika. Mu biyu kaɗai munka rage cikin ɗakin uwarmu. Ita aure ya kai ta wani gari can yamma da Tahoua, tsakanin Takanamat da Tébaram, ni kuma na zauna nan birnin Tahoua. Babban ɗanta ne ya kira, muryarsa a dushe. Na yi salati, na zauna bakin gado, sai na ji zama ya gagare ni. Na tashi na ɗaure kallabi, na kwance, na sake ɗaurewa.

Ba kukan ne ya hana ni zama ba. Akwai alkawari tsakanina da Yaya. Shekaru da dama kafin nan ta kama hannuna cikin ɗakinta ta ce in ta riga ni, ni zan wanke ta, kada hannun wata mace ya kai jikinta. Akwai abin da ke jikinta wanda ta ɓoye ma matan garin nan shekara da shekaru, tana wanka ita kaɗai, tana sauya tufa ita kaɗai. Ni na sani, kuma ba zan faɗe shi a nan ba. Abin da nake so a gane shi ne, in wata ta riga ni ɗaga zanen nan, kafin a yi sadakar uku labari ya kai bakin rijiya. Na ce mata na ɗauka. Ta ce in rantse, na rantse.

Na karɓi waya na ce ma ɗan nata, "Kada kowa ya taɓa ta sai na zo."

Ya ce, "Inna, mutane sun taru, an fara haƙa. Kuma hanyarku ta yanke. Ƙoramar nan ta kawo ruwa tun shekaranjiya, ko raƙumi bai ƙetarewa. Sai dai ku bi ta hanyar Takanamat ku kewayo."

"To mu kewayo."

"Ki ba ni lokaci, Inna. Liman ba ya jiran wanda bai san sa'ar zuwansa ba. In kunka faɗi lokaci zan roƙe shi. In lokacin ya wuce ba ku iso ba, matan gida za su shiga."

Wagga magana ita ta riƙe ni duk yinin nan. Lokaci ake so, kuma babu wanda ya san hanyar cikinmu. Ni duk zuwana ta hanyar yamma nake bi, wadda ruwa ya yanke. Ɗiyata ta fita neman mota, ta samo wani maƙwabcinmu mai kat-kat, motar nan mai ratsa yashi, jikan wata ƙawata ne, mutum mai 'ya'ya huɗu amma har yau in ya gan ni sai ya ce amaryarsa. Ya san jar hanyar Takanamat, amma bai taɓa sauka daga kanta ya yi kudu cikin gonaki ba. Ya ce yana iya tashi ƙarfe sha ɗaya, in ya sha mai ya sauya taya guda.

Ɗiyata tana da ƙawa ungozoma da ke aiki gidan likita wajen can. A bangon wurin aikinsu akwai karti babba, wato zanen ƙasar da garuruwa da hanyoyi, wadda suke dubawa in za su fita allurar yara. Ɗiyata ta kira ta, ita kuma ta tsaya gaban kartin ta ɗauki hotonta ta aiko cikin waya.

Nan surukina ya shigo maganar. Mijin ɗiyata tela ne, mutumin Zinder, mai hankali da ladabi, ba ni da abin faɗa a kansa. Ya yi lakwal, kuma tef ɗin awo kullum yana rataye a wuyansa. Ni da shi ba mu haɗa ido. Tun da ya auri ɗiyata in yana da magana da ni sai ya tsuguna bakin ƙofa ya faɗa ma matarsa, ita ta maimaita mani, ko da kuwa na ji da kunnena. Ni ma haka nake yi.

Ya karɓi wayar ya zauna gindin darbejiyar tsakar gida. Ina kai da kawowa, ina sa zane cikin jaka ina fitarwa, ina ganinsa yana ɗora tef bisa gilashin waya yana motsa baki. Can sai na ji yana magana da ɗan Yaya.

"Kilomita arba'in ne kacal. Awa guda. Mu tashi sha ɗaya, sha biyu muna nan. Ka gaya ma liman."

Na tsaya da tulun turare a hannu. Na ce ma ɗiyata, "Tambayi mijinki, awa nawa ya ce?"

Ta ce, "Guda, Inna."

"Tambaye shi, hanyar da muke bi kullum, wadda ta miƙe, awa nawa take ci?"

Ta ce, "Biyu da wani abu."

"To tambaye shi tun yaushe kewaye ya fi miƙewa kusa."

Ya sunkuyar da kai, ya ce ma matarsa, "Ki ce ma Inna karti ba ta ƙarya. Masu ilimi sunka zana ta. Na auna da tef, lissafi ne."

Raina ya tashi. Ina budurwa anka kai Yaya garin nan, ni na raka ta bisa jaki, sai da munka kwana a hanya. Ƙashin bayana bai manta ba. Kuma na ga abin da zai faru sarai: sha biyu ta yi, mu muna tsakiyar daji, matan gida su ɗauki ƙwarya su shiga ɗakin Yaya. Na aje tulun, na je na tsaya kansa, abin da ban taɓa yi ba. Ya zabura zai miƙe. Na ce ma ɗiyata, "Ce mashi ya zauna, ya gwada mani yadda ya yi. Sannu sannu."

Ya gwada. A ƙasan hoton akwai wani ɗan sanda kwance, rabi baƙi rabi fari, da lambobi bisa kansa. Ɗiyata ta ce shi ne ma'aunin kartin: tsawon ɗan sandan nan, daga wancan baki zuwa wanga, daidai yake da kilomita goma a ƙasa. In ka san sanda nawa ke cikin hanya, ka san nisanta. Wannan na gane shi nan take, ba wani abin wuya ba ne.

Amma lambobin ƙanana ne, ba su karantuwa. Sai surukina ya sa yatsu biyu bisa gilashi ya buɗa, hoton ya kumbura, ɗan sandan ya yi girma. Ya ɗora tef ya ce santimita biyu. Sannan da yake yana son ganin Tahoua da garin Yaya gaba ɗaya, ya sake sa yatsu ya matse hoton ya koma ƙarami. Ya ɗora tef daga birni zuwa garin, ya ce takwas. Biyu cikin takwas sau huɗu, sanda huɗu ke nan, kilomita arba'in.

Na ce, "Tsaya nan. Kada ya taɓa. Ce mashi ya sake auna sandan yanzu, yadda hoton yake."

Ya auna.

Ɗiyata ta leƙa ta ce, "Santimita guda, Inna."

Shekara talatin na yi ina kaɗi ina kai ma masaƙa zare. Akwai wani masaƙi da na daina kai ma aiki, saboda in zai karɓi zare da dogon hannunsa yake kamu, in zai ba ka sawaye sai ya kira ƙanensa gajere ya auna. Abin da surukina ya yi ke nan ba da nufi ba. Ya ɗauki kamu lokacin da hoto ya kumbura, ya auna hanya lokacin da ya motse. Na faɗa ma ɗiyata haka, da ƙarfi yadda zai ji. Sanda takwas ne ashe, ba huɗu ba.

"Kuma ce mashi," na ƙara, "tef ɗinsa ya miƙe daga nan zuwa can kamar shaho. Mu mota za mu shiga. Ya dubi jar hanyar nan yadda ta yi arewa tukuna, sannan ƙaramar ta sauko tana lanƙwasa."

Direba ya shigo daidai nan yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Amarya, yau kin koma injiniya? Mu tafi, a hanya ma gani."

"A hanya wa za ka gaya ma abin da ka gani? Akwai rezo cikin gonakin?"

Ya ce babu. Da zarar mun sauka daga jar hanya waya ta mutu sai bakin garin. Ke nan duk lokacin da munka faɗa kafin mu tashi, shi ne zai tsaya mana ko ya kashe mu, ba gyara daga baya.

Na kwance bakin zanena, inda kullum nake ƙulle da ɗan zaren auduga da allura. Na ce a ba ni wayar in bi hanya da zare. Sai dai ina ɗora yatsa hoton ya zame, ya buɗe, ya juya. Na gwada sau uku, na kusa jefar da abin. Surukina ne ya ce ma matarsa, murya ƙasa ƙasa, akwai mai fotokopi bakin titi, yana iya fitar da hoton bisa takarda. Ɗiyata ta tambaya ko girman ba zai sauya ba. Ya ce ko ya sauya ba komai, tunda sanda da hanya tare za su girma. Wannan ya faɗi daidai, kuma na yarda da shi ko da ban nuna ba. Ya hau moto, wato babur, ya tafi.

Jiran nan ya fi komai ci mani rai. Na leƙa ƙofar gida ya fi sau goma. Mata sun fara shigowa gaisuwa, ina amsawa ban san abin da nake cewa ba. Inuwar darbejiya tana ta janyewa zuwa gindinta. Na ce ma ɗiyata ta kira ɗan Yaya ta ce a soke maganar sha biyu, lokaci na gaskiya yana zuwa. Na ji shi cikin waya yana cewa, "Wai wasa kuke da gawa?"

Da takardar ta zo munka shimfiɗa ta bisa faifai. Ɗiyata ta fara duba gefunan kartin, ta ce ƙawarta ta tsaya daidai gabanta, faɗin sama da na ƙasa ɗaya ne, don in an ɗauki hoto a karkace gefe guda yakan fi girma, awo ya ɓaci. Sannan ta ɗora yatsa ta ce nan ne Tahoua, nan ne mararrabar da za mu bar jar hanya kafin a shiga Takanamat, nan ne garin Yaya. Ni ban iya karanta sunayen ba, amma layi ai layi ne.

Na jiƙa zaren da miyau don ya kwanta. Na dafe bakinsa bisa Tahoua da farcen babban yatsa, na bi jar hanya da shi, ina lanƙwasa shi duk inda ta lanƙwasa, ban ja ba, don zaren auduga in ka ja shi yana ƙara tsawo ya yi maka ƙarya. Da na kai mararraba na ce ɗiyata ta ɗiga mashi biro. Na ci gaba bisa ƙaramar hanya, wadda anka zana da ɗige-ɗige, har garin. Nan ma anka ɗiga.

Na ɗaga zaren na miƙar da shi, na kai shi bisa ɗan sandan. Daga bakin zare zuwa ɗigon farko, na aza na ɗaga, na aza na ɗaga, ana ƙirgawa da ni: shida. Daga ɗigon farko zuwa na biyu: huɗu. Na sake yi daga farko don kada a ce tsohuwa ta ruɗe. Shida da huɗu.

"Kilomita ɗari," in ji ɗiyata. "Sittin jar hanya, arba'in ta gonaki."

Surukina ya cire tef daga wuyansa ya naɗe ya sa aljihu.

Na juya ga direba. "Kai kuma angon banza, motarka sanda nawa take ci cikin awa?"

Ya ce, "In kwalta ce..."

"Ban tambaye ka kwalta ba."

Ya yi dariya, sannan ya natsu. Ya ce jar hanya da damina, da ramukanta, kada a sa mashi fiye da arba'in a awa. Hanyar amalanke cikin gonaki kuwa, yashi da taɓo, in ya samu ashirin ya gode ma Allah.

Wannan lissafin ko 'yar tallar goro ta yi shi. Jar hanya sanda huɗu awa guda, sauran biyun rabin awa, awa ɗaya da rabi ke nan. Ta gonaki sanda biyu a awa, huɗu awa biyu. Na ce uku da rabi. Ɗiyata ta duba agogo ta ce in mun tashi sha ɗaya da rabi, ƙarfe uku muna can. Ta ɗauki waya za ta kira.

Na riƙe hannunta. Ban taɓa yanke zaren saƙa daidai da awo ba, kullum sai na bar rara, don aiki yana cin zare ta inda ba ka zata ba. Wanda ya zana ɗige-ɗigen nan bai zana kowace kewayar kututture da kowane gefen gona ba. Ga sallar azahar a hanya, ga taɓo. Na ce a ƙara awa guda. Na karɓi wayar da kaina.

"Ka ce ma liman la'asar."

"La'asar, Inna? Ɗazu an ce sha biyu! Kabari ya gama, ga hadari yana haɗuwa gabas, ga zafi. Mutane sun bar gonakinsu tun safe."

"Wanda ya ce sha biyu ya yi kuskure, ni na auna da hannuna. Ku rufe ɗakin, ku sa mata fifita ta bisa zane, kada a ɗaga. In ladan ya kira la'asar ban iso ba, na sauke maku, su wanke ta. Kafin nan duk wadda ta taɓa ta, ni da ita har gaban Allah."

Na ji yana magana da wani dattijo nesa da wayar. Ya dawo ya ce liman ya ce la'asar, ko minti guda ba ƙari, don a samu rufe ta da sauran rana.

Kafin mu shiga mota na ƙulla zaren, ƙulli guda a kowane sanda, goma cif. Surukina ya fito daga shagonsa da farin yadi ƙunshe a leda, ashe lokacin da ya je fotokopi ya biya ya yanko likkafani. Ya ce ma matarsa zai bi mu. Ban ce a'a ba.

Mun tashi sha ɗaya da rabi. Akwai agogo gaban direba mai ƙirga kilomita, na ce duk goma ya gaya mani. In ya ce goma, sai in matsa yatsa zuwa ƙulli na gaba. Tsakanin ƙulli da ƙulli kuwa ba abin da ban tuna ba. Na tuna Yaya tana goya ni zuwa rijiya, na tuna faɗan da munka yi kan wata tasa ta uwarmu har shekara ba mu gaisa ba. Sai in ji kamar motar tsaye take. Na ce ma direba ya taka, ya ce, "Amarya, in na taka munka karya ƙafar mota, zarenki zai ɗauke mu?" Na yi mashi daƙuwa.

Ƙulli na shida ya zo, mararraba ba ta zo ba. Na fara zufa. Sai da munka ƙara kilomita uku sannan ɗiyata ta nuna wata hanya da ta ɓalle hagu wajen wata rijiya. Munka tambayi wani Buzu mai shayar da awaki, ya ce ita ce. Ƙarfe ɗaya da minti biyar. Na ce a raina zaren bai yi mugun kuskure ba, uku cikin sittin. Na bar yatsa bisa ƙulli na shida, munka sake ƙirga daga nan.

Daga nan duniya ta sauya. Gero dama da hagu, hanya iyakar faɗin amalanke, mota tana tangaɗi kamar jakin da anka yi ma lodi gefe guda. Waya ta mutu kamar yadda anka faɗa. Munka tsaya azahar gindin wata aduwa, ban taɓa sallah da gaggawa irin ta ranar ba, Allah Ya yafe mani. Gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa ganyen gero.

Bayan ƙulli na takwas munka shiga wani kwari, mota ta nutse cikin taɓo har ciki. Direba ya taka, taya tana juyawa wuri guda tana watsa laka. Na buɗe ƙofa na fita, na fara tafiya da ƙafa. Ɗiyata ta biyo ni tana cewa, "Inna, kilomita ashirin ne fa, ina za ki?" Na san da haka, ƙafafuna ne ba su sani ba. Na dawo. Na tarar surukina ya tuɓe babbar rigarsa, ya shiga taɓo har gwiwa, yana tona gaban taya da hannu, direba yana saro rassan sabara suna turawa ƙarƙashi. Mutumin da ko ƙura ba ya bari ta taɓa takalminsa. Na tattare zane na je na sa kafaɗa bayan mota kusa da shi. Ya ce, ba tare da ya bi ta kan matarsa ba, "Inna, ki bari." Na ce, "Tura, ɗana." Rabin awa ta tafi a nan.

Ƙulli na tara. Ƙulli na goma. Direba ya ce mun cika arba'in daga mararraba. Na murza zaren har bakinsa, ba sauran komai a hannuna, kuma babu gari. Gero ne kawai da hanya. Na tambayi lokaci, anka ce huɗu saura kwata. Ban ƙara tambaya ba. Na dunƙule zaren cikin tafin hannu, ina ta kallon inuwar mota bisa gero, ina auna ta da ido yadda nake auna inuwar bango a gida in la'asar ta kusa. Ta kai. Na san ta kai. Cikin raina na fara ba Yaya haƙuri, sai kuma in ji haushin kaina da ban ce magariba ba, alhali na san ba mai ba ni magariba.

Wajen kilomita biyar munka ƙara. Sai ga rumbuna, sai ga tsamiyar bakin gari, sai ga maza zaune bisa tabarmi ƙofar gidan. Direba ya danna oda bai ɗaga hannu ba. Ina sauka na hango ladan yana alwala gefen masallaci, ya kai ga wanke ƙafa.

Ban gaida kowa ba, sun faɗa daga baya, na kuma ce su yi ta faɗa. Na ratsa maza, na shiga cikin gida. Ƙofar ɗakin Yaya wata tsohuwar maƙwabciyarta tana tsaye ta naɗe hannun riga, ga ƙwarya biyu da ruwa, ga garin magarya. Ta ce, "Mun ɗauka ba ki zuwa."

Na ce, "An ɗaga zanen?"

"Ba a ɗaga ba. Ɗanta ya zauna bakin ƙofa tun hantsi."

Na karɓi ƙwaryar daga hannunta. Na ce kowa ya fita sai ɗiyata, ita ma ta tsaya daga wajen kai tana miƙo ruwa, idonta ga bango. Ina sakaya ƙofa ladan ya ɗaga murya.

Na wanke Yaya ƙarƙashin zane, dama kafin hagu, yadda anka koya mana. Na yi mata magana ina yi, na ce ga ni na zo, saura kaɗan wani tela ya sa a riga ni. Likkafanin da ya yanko ya isa har da rara. An rufe ta da sauran rana, ruwan bai sauko ba sai da maza sunka dawo daga maƙabarta.

Zaren yana nan ƙulle bakin zanena, ya yi baƙi da laka. Surukina ya koma tsugunawa bakin ƙofa yana magana ta bakin matarsa, ni ma na koma. Sai dai kwanan baya da za su kai amarya wani gari wajen Bambeye, na ji shi daga ɗaki yana ce ma abokinsa ya fitar da kartin bisa takarda tukuna, kuma ya nemo zare.